Tallan Neman Direbobin Manyan Motoci: Yadda Ake Jawo Ƙwararre Ba Tare da Ɓoye Masa Albashi da Lokacin Aiki Ba

Tallan neman direba gajeriyar sanarwa ce da kamfanin jigilar kaya yake fitarwa idan yana bukatar wanda zai riƙe masa mota. Akan manna ta a ƙofar kamfani ko a inda manyan motoci ke fakin, akan karanta ta a rediyo, yanzu kuma ta fi yawo daga waya zuwa waya. Da wuya ta wuce layi ashirin, amma aikinta biyu ne masu nauyi: ta sa ƙwararren direba ya tsaya ya saurara, ta kuma gaya masa gaskiyar abin da zai samu da wahalar da zai sha kafin ya same shi. Masu rubuta talla da yawa suna ganin waɗannan biyun ba sa haɗuwa, suna zaton in aka faɗi gaskiya babu mai zuwa. A harkar tirela da tanka lissafin ba haka yake ba. Gaskiyar ce take jawo irin direban da ake nema, kurin baki kuwa yakan tara waɗanda ba su san hanya ba.

Wanda ake wa magana

Kafin a rubuta komai, sai an san wanda zai ji tallan. Direban da ya shekara goma yana ɗaukar kaya daga Kano zuwa Legas ba zaman banza yake yi ba. Galibi akwai mota a hannunsa, yana da maigida, kuma ba zai ajiye makulli ba sai ya tabbata inda za shi ya fi inda yake. Ya san nisan hanya, ya san litar gas da mota ke sha da kaya da kuma ba kaya, ya san kwanakin da ake yi a layi kafin a shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Idan ya ji an ce "albashi mai tsoka", babu abin da aka gaya masa. Idan kuma ya ji adadin da ya san ba ya samuwa sai an hana ido barci, nan take zai gane cewa ko dai mai tallan bai san aikin ba, ko kuwa yana son ya rufe shi.

Akwai kuma wani abin da ke kare direbobi daga ruɗi, wato junansu. A Mararrabar Jos, a Tafa, a Ogere, duk inda manyan motoci ke kwana, hirar mai shayi ba ta wuce wane kamfani ne ke biya a kan kari, wane ne ke yanke kuɗin taya, wane ne ke barin mutum da lalatacciyar mota a daji kwana uku ba aike. Talla ba ta kai wannan hira ƙarfi. Abin da za ta iya shi ne ta dace da ita, ta yadda wanda ya ji ta sannan ya tambayi direban kamfanin zai ji magana ɗaya.

Kashi-kashin kuɗin direba

Babban abin da ke jawo saɓani shi ne kuɗin direban babbar mota ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai albashin wata, wanda ake biya ko mota ta fita ko ba ta fita ba. Akwai kuɗin sawu, wanda ake biya duk lokacin da aka kai kaya aka dawo. Akwai kuɗin hanya, wanda ake ba direba a hannu don abincinsa, da faci, da fakin, da abin da ake biya a kan hanya. Wasu kamfanoni suna ƙarawa da tukwici ga wanda ya yi wata uku ko shida ba haɗari ba ɓatan kaya.

Kuɗin hanya ba albashi ba ne, kuɗin aiki ne da zai ƙare a kan titi, kuma tallan da ta haɗa shi da albashi don adadin ya kumbura ta yaudari mai karatu ko da kowace lamba a cikinta daidai ce. Haka nan kuɗin sawu ba tabbatacce ba ne, tunda yawan sawu bai rataya a kan ƙwazon direba kaɗai ba. Mota takan kwanta a gareji, kaya kan yi ƙaranci, hanya kan rufe. Saboda haka talla mai gaskiya tana ware abin da yake tabbas daga abin da yake canzawa, ta faɗi kowanne da adadinsa, sannan ta faɗi abin da yawancin direbobin kamfanin suke tashi da shi a wata. Wannan adadi na ƙarshe daga takardun biyan albashi na watannin baya ake ciro shi, ba daga fatan manaja ba.

Doka ma ta shata wasu iyakoki a Najeriya. Tun daga shekarar 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne a wata. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aiki kuma ya ƙara kashi 10. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin a wuce wata uku da fara aiki. Tunda dai sharuɗɗan za su fito a takarda ko ba jima ko ba daɗe, ɓoye su a talla jinkirta rigima ce kawai zuwa ranar da mutum ya riga ya bar tsohon aikinsa.

Misali daga hanyar Kano zuwa Legas

A ɗauka akwai wani kamfani a Kano mai tirela ashirin, yana ɗaukar riɗi da zoɓorodo daga kasuwar Dawanau zuwa Apapa, ya dawo da kayan masarufi. Lambobin da ke biye na misali ne, don a ga yadda lissafin yake tafiya. Kamfanin yana biyan albashin naira 120,000 a wata, da naira 45,000 a kowane sawu na zuwa da dawowa. Yana neman direbobi biyar. Tallan farko da aka rubuta ta ce: "Ana neman ƙwararrun direbobi. Samu har naira 300,000 a wata. Aiki cikin kwanciyar hankali."

Adadin ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Sawu huɗu a naira 45,000 ya kama naira 180,000, in aka haɗa da albashi ya zama 300,000 cif. Tambayar ita ce ko sawu huɗu yana yiwuwa a wata ɗaya. Tsakanin Kano da Legas kimanin kilomita dubu ne, ko da ɗoriya, gwargwadon hanyar da aka bi, ko ta Abuja da Lokoja, ko ta Mokwa da Jebba da Ilorin. Ƙa'idar hanya ta taƙaita gudun tirela da tanka a kilomita 60 cikin awa a kan tagwayen hanyoyi, da 50 a kan sauran manyan hanyoyi, kuma tun shekarar 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya da na kaya. In aka cire ramuka, da shingayen bincike, da cunkoson cikin garuruwa, motar da ke ɗauke da kaya za ta iya tashi da kilomita 40 a awa a matsakaici. Wato tuƙi na awa ashirin da biyar ke nan ko fiye. Direban da yake tuƙin awa tara a yini, yana tsayawa salla da abinci, yana kuma barcin dare, kwana uku zai yi a hanya.

Zuwa da dawowa kwana shida ke nan na tuƙi zalla. A ƙara kwana ɗaya na lodi a Dawanau, da kwana biyu na jira da sauke kaya a Legas, da kwana ɗaya na lodin dawowa, sawu ya zama kwana goma. Jiran kuwa ba a hannun direba yake ba, domin tun shekarar 2021 ba a shiga tashar Apapa sai da izinin kira na tsarin Eto, kuma ranar da kiran zai fito ba shi yake yanke ta ba. In aka ba shi kwana biyu a gida ya huta, a kuma duba mota, kowane zagaye ya zama kwana goma sha biyu. A wata mai kwana talatin, sawu biyu da rabi ke nan: wani watan biyu, wani watan uku. Sawu huɗu yana nufin a gama kowanne cikin kwana bakwai da rabi, ba hutu ko na yini ɗaya, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da tuƙin dare da rana.

To abin da direban wannan kamfani yake samu a zahiri shi ne naira 210,000 a watan sawu biyu, da 255,000 a watan sawu uku. In aka cire naira 9,600 na fansho daga albashin, ya rage 200,400 ko 245,400, kafin haraji. Wanda ya zo da 300,000 a ransa ya karɓi 200,400 a ƙarshen watan farko ya ga giɓin kusan naira dubu ɗari, kuma ba zai kira shi kuskuren lissafi ba, zai kira shi cuta. Daga nan ɗaya daga cikin abu uku yakan faru. Ko ya ajiye makulli, mota ta zauna ana neman wani. Ko ya fara cike giɓin da kansa, ya sayar da gas ko ya ɗora kayan da ba su cikin takarda. Ko kuma, wanda ya fi muni, ya yi ƙoƙarin cika sawu huɗun, ya hana kansa barci da kofi da ƙwaya, ya ɗauki tan talatin yana gyangyaɗi a kan hanyar da motocin fasinja suke bi. Layi ɗaya na talla yana iya zama farkon wannan haɗari, kuma shi ya sa ba a ɗaukar rubuta shi a matsayin aikin kwalliya.

Yadda tallan ya kamata ta kasance

Ga yadda kamfanin zai rubuta ta idan ya tsaya a kan gaskiya:

"Ana neman direbobin tirela biyar, hanyar Kano zuwa Legas. Albashi naira 120,000 a wata, ana biya ranar 28, ko mota ta fita ko ba ta fita ba. Kuɗin sawu naira 45,000, zuwa da dawowa. Yawancin direbobinmu suna yin sawu biyu zuwa uku a wata, suna samun naira 210,000 zuwa 255,000 kafin a cire fansho da haraji. Kuɗin hanya daban yake, ana bayarwa kafin a tashi. Sawu yakan ɗauki kwana goma, sannan kwana biyu a gida. Idan jira a Legas ya wuce kwana biyu, akwai naira 6,000 a kowace ƙarin rana. Ba ma tuƙi daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba. Kamfani ke biyan yaron mota. Gyara da taya na kamfani ne. Ana bukatar lasisi ajin G mai rai, da shekara biyar a kan tirela, da mai tsayawa mutum ɗaya. Akwai gwajin tuƙi da na ido. Ba a biyan ko kwabo don neman wannan aiki."

Wannan ta fi ta farko tsawo, adadinta kuma ya fi ƙanƙanta, amma duk layin da ke cikinta amsa ce ga tambayar da tsohon direba zai yi da bakinsa in ya zo ofis. Ranar biya ta fi masa muhimmanci fiye da yadda mutanen ofis suke zato, domin mai iyali da ke nesa da gida kwana goma yana so ya san ranar da cefane zai shiga. Batun yaron mota ma haka: a wasu wurare direba ne yake sallamar yaronsa daga aljihunsa, don haka faɗin cewa kamfani ke biya tamkar ƙarin albashi ne. Ambaton ajin G kuwa, wato lasisin motoci masu jan bodi, yana rage taron masu lasisin ƙananan motoci da za su cika waya da kira.

Sharaɗi ɗaya ne a kan wannan rubutu: kowane layi ya zama abin da kamfanin yake yi da gaske. In ba ya biyan kuɗin jira, kada ya rubuta. In motocinsa suna tafiyar dare, ya faɗa, ya kuma faɗi yadda ake hutawa da rana.

Lokacin aiki

Aikin direban doguwar hanya ba ya shiga ma'aunin takwas na safe zuwa huɗu na yamma, don haka rubuta "awa takwas a rana" a tallan tirela magana ce da ba ta da gindi. Ma'aunin da direba yake ganewa guda huɗu ne: kwana nawa sawu yake ci, kwana nawa ake yi a gida, ana tafiyar dare ko ba a yi, kuma wa yake ɗaukar nauyin kwanakin jira. Na ƙarshen shi aka fi ɓoyewa. Direban da yake kwance a ƙarƙashin mota a Legas yana gadin kaya, yana sayen abinci da ruwan wanka da kuɗinsa, aiki yake yi ko da taya ba ta juya ba. Idan kuɗinsa ya dogara da sawu, kowace ranar jira tana rage masa samu ta fuska biyu, tana cin aljihunsa tana kuma jinkirta sawu na gaba.

Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun yini ɗaya cikakke, awa 24 a jere, a cikin kowane kwana bakwai, da hutun shekara na akalla kwana shida na aiki ga wanda ya cika wata goma sha biyu. Tallan da ta nuna yadda kamfani yake cika wannan, ta kuma faɗi yadda ake yi da Sallah ƙarama da babba ko Kirsimeti, ta taɓa abin da ke ran mai iyali. Idan akwai lokacin da aiki yake yawa, kamar bayan kaka da kayan gona suke fita, gara a faɗa tun farko cewa a watannin nan kwanan gida yakan ragu.

Yanke-yanken albashi

Bayan adadin sawu, babu abin da ke raba direba da kamfani kamar yanka. Gas ya gaza, an yanke. Buhu biyu sun ɓata, an yanke. Taya ta fashe, an yanke. Doka ba ta sakar wa mai aiki hannu a nan ba: ta hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa, kuma ko asarar da sakacinsa ko gangancinsa ya jawo, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago ake yanka. Talla ba za ta ɗauki duk wannan bayani ba, amma tana iya faɗin abu biyu a taƙaice: litar gas da ake bayarwa a sawu, da kuma cewa ba a yanka sai an bincika an ji ta bakin direba. Wanda ya san hanya yana jin adadin litar zai san ko an auna shi da adalci, ko kuwa an matse shi ne yadda dole a bi shi bashi.

Abin da ke jawo mutum idan albashi bai fi na wasu ba

Ba kowane kamfani ne zai iya biyan mafi tsoka ba, kuma ba dole sai ya yi hakan zai samu mutanen kirki. Direbobi suna auna wasu abubuwa da kuɗi. Lafiyar mota na gaba: irin motar, shekarunta, da ko akwai bakanike na kamfani da ake turawa idan ta tsaya a hanya. Sai riƙe mota ɗaya, domin direban da ya san motarsa ya san ƙararta, ba ya son a riƙa canza masa. Sai abin da zai biyo baya in tsautsayi ya faɗa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya a asusun NSITF, don a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki ko iyalan wanda ya rasu. Kamfanin da yake biyan wannan, ko yake da inshorar lafiya ga direba da iyalinsa, ya kamata ya rubuta. Layi ɗaya irin wannan ya fi kalmomin yabon kai goma, irin su "babban kamfani" da "muna ɗaukar ma'aikata tamkar 'yan uwa", waɗanda kowa yake faɗa kuma ba mai iya aunawa.

Harshe da hanyar isarwa

Direbobi da yawa sun fi saurare a kan karatu, kuma sau da yawa wani ne zai karanta musu tallan ko ya tura musu ita da murya. Don haka a rubuta ta da gajerun jimloli da za a iya karantawa a bayyane ba tare da an rikice ba, da Hausar da ake yi a tasha, adadi kuma a faɗe shi cikakke. Idan akwai ta Turanci da ta Hausa, lambobinsu su zama ɗaya. A sa sunan kamfani da adireshin da mutum zai iya zuwa da ƙafarsa, da ranar rufe karɓar masu nema. Layin da ya ce ba a biyan komai yana da aiki na musamman, domin 'yan damfara sukan fake da sunan manyan kamfanoni su karɓi kuɗin fom a hannun masu neman aiki. Yana da kyau kuma kafin a saki tallan a karanta wa direbobi biyu ko uku na kamfanin. Duk layin da suka yi shiru a kansa ko suka kalli juna, akwai gyara a wurin.

Yadda ake gane talla ta yi aiki

Yawan masu kira ba shi ne ma'auni ba. Idan mutum ɗari biyu suka kira amma masu lasisin G ba su kai goma ba, tallan ta yi kuri ba ta faɗi sharaɗi ba. Idan kowane mai kira yana maimaita tambaya ɗaya, misali wa ke biyan yaron mota, to wannan amsar ce ta ɓace a rubutun. Idan sababbin direbobi suna tafiya bayan albashin farko ko na biyu, akwai tazara tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka biya, kuma sai a ɗora tallan kusa da takardar albashi a nemo inda suka rabu. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce tsofaffin direbobin kamfanin su riƙa tura tallan ga abokansu da kansu, domin direba ba ya jawo ɗan uwansa inda za a zo a zarge shi.

Lambobin talla kuma suna tsufa. Farashin abinci a hanya yana tashi, kwanakin jira suna ƙaruwa ko su ragu, hanya tana gyaruwa ko ta lalace. Duk lokacin da za a sake fitar da ita, sai a koma ga takardun albashi da na fitar motoci na wata shida da suka wuce, a sake lissafa matsakaicin sawu, da kwanakin da kowanne ya ci, da abin da ya shiga hannun direba, sannan a gyara adadin kafin a manna.